Gwangwama da Albasar Furanni Bayan Sun Gama Fure: Wadda Za Ka Haƙe da Wadda Za Ka Bari a Ƙasa

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991 ake samun ƙarin ofisoshi, makarantu, otal-otal da gidaje masu son a ƙawata musu haraba da furanni. Wasu masu lambu da ƙungiyoyin manoma sun ware ɗan fangali ɗaya ko biyu suna renon gwangwama, wadda masu sayar da fure ke kira kana, da su amarilis da albasar kwaɗi. Shuka su da damina ba ta da wuya. Inda ake tafka asara shi ne tsakanin Oktoba da Yuni, lokacin da furen ya kaɗe, ganye ya bushe, mutum ya rasa yadda zai yi da abin da ke cikin ƙasa. Wani ya haƙe duka ya shanya kamar albasa, ya zo shuka ya tarar da busassun itace. Wani kuma ya ci gaba da kwarara ruwa har saiwar ta ruɓe.

Yawancin bayanin da za ka ji a kan waɗannan tsirrai daga ƙasashen Turai da Amurka ya fito. Can sanyi ne ke kwantar da tsiron. Ana cewa a jira ƙanƙara ta ƙone ganye, a haƙe, a ajiye a ɗaki mai sanyin digiri 7 zuwa 13 har hunturu ya wuce. Mu a nan ƙasa ba ta daskarewa. Abin da ke sa tsiro barci a Dutse, Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu rashin ruwa ne, kuma abin da ke kashe shi a ajiya abu biyu ne: busasshiyar iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai zafin bazara na Maris zuwa Mayu da kan kai digiri 40. Saboda haka dalilin da ke sa Bature haƙe saiwarsa babu shi a wurinmu. A mafi yawan lokuta ƙasar da tsiron yake ciki ta fi kowane ɗakin ajiya da kake da shi.

Fara duba ɓawo

Kafin ka yanke shawarar komai, tone ɗaya ka riƙe a hannu. In yana da busasshen ɓawo mai kama da takarda, irin na albasar miya ko tafarnuwa, to yana da rigar da ke hana ruwan jikinsa fita. Amarilis haka take, haka giladiyolas, haka ƙananan furannin nan masu ganye kamar lawashi da kan buɗe kwana kaɗan bayan an yi ruwan sama. Waɗannan suna jure ajiya a bushe.

Gwangwama ba ta da wannan riga. Abin da ke ƙarƙashinta ba albasa ba ne, kara ne mai kauri da ke tafiya a kwance cikin ƙasa kamar citta, cike da ruwa da gari, da idanu a jikinsa inda toho ke fitowa. In ka bar shi a sarari cikin hunturu, mako biyu zuwa uku sun isa ya yamushe. Ba ta ma da barci na gaskiya. A inda ta fito, wato yankunan zafi na nahiyar Amurka, in akwai danshi tana tsiro duk shekara. Rashin ruwa ne kawai ke tsayar da ita, da ta ji danshi da ɗumi sai ta tashi.

Wannan bambanci shi ne tushen komai: mai ɓawo ana ajiye shi a bushe da iska, marar ɓawo ana binne shi a abu mai ɗan danshi. In ka haɗa su a buhu ɗaya, ɗayansu zai mutu.

Makonni shida na bayan fure

Furen baɗi yanzu ake haɗa shi. Lokacin fure tsiron ya cinye abincin da ya tara, kuma koren ganyen da ya rage shi ne ke mayar da wannan abinci cikin saiwa. Shi ya sa ba a aske ganye don fangali ya yi kyau. Ka bar shi aƙalla mako shida, ko har ya yi ɗorawa da kansa. A amarilis da albasar kwaɗi, ka yanke sandar furen kawai da zarar furen ya kaɗe, don kada ƙarfin ya tafi wajen yin 'ya'ya.

A gwangwama kowane kara sau ɗaya yake yin zangon furensa. Kan ba da reshen fure na biyu ko na uku a ƙasa da na farko, don haka ka tsinke wanda ya mutu kawai, kada ka sare da wuri. In duk sun ƙare, sare karan daga gindi, ka bar sababbin da ke tasowa kusa da shi su sami rana. Ƙwallayen baƙaƙe masu tauri da take yi suna tsira in an goge ɓawonsu an jiƙa, amma ba lallai su ba ka launin uwarsu ba. Mai sayar da launi ya dogara da rabon saiwa.

Taki a wannan lokaci kaɗan ake so. Ɗan cikin tafi na kamfa 15-15-15 a kowace murabba'in mita, ko ruɓaɓɓen takin gargajiya, ya wadatar. Ka guji yuriya a ƙarshen damina. Tana ba da ganye mai taushi da saiwa mai ruwa-ruwa, irin wadda ke fara ruɓewa a ajiya. Mai noman albasa ya san wannan, albasar da ta sha yuriya ba ta daɗewa a rumbu.

In za ka bar gwangwama a ƙasa

Wannan ita ce hanyar da na fi ba da shawara ga duk wanda ba ya buƙatar filin. Daga Oktoba ka riƙa rage ban ruwa a hankali. In ganyen ya bushe, sare karan ka bar kamar tsawon yatsa huɗu a sama, ka kwashe busasshen ganyen daga wurin. Rufe fangalin da ɓuntun shinkafa ko ciyawa, kaurin yatsa uku zuwa huɗu, don rana kada ta gasa saman ƙasa. A ƙasar jigawa mai rairayi, irin wadda ta fi yawa a kewayen Dutse, ka ba shi ruwa sau ɗaya a mako biyu ko uku, daidai yadda ƙasa ba za ta bushe ƙurmus ba. A laka ta fadama ka ƙara tazara, domin ita tana riƙe ruwa.

Matsalar rufin ciyawa ita ce gara. Takan fara da ciyawar, ta bi busasshen kara ta shiga saiwa. Duk mako ka ɗaga rufin a wurare biyu ko uku. In ka ga hanyoyinta na ƙasa a jikin kututturen, kwashe rufin, cire busassun karan, ka barbaɗa toka. Awaki kuma sukan tone fangali mai danshi da rani, sai an killace.

Ko an bar ta a ƙasa, bayan shekara biyu zuwa uku dole a raba ta. Alamar lokaci ya yi ita ce tsakiyar kurmin ya zama fayau, kara ya sirance, fure ya ƙanƙance, saiwa ta fara hawa kan juna tana leƙowa sama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, a haƙe, a raba, a mayar cikin mako guda. Babu ajiya ke nan, babu asararta.

In dole sai ka haƙe

Mu ɗauki misalin ƙungiyar da ke da fangali mai tsawon mita 10 da faɗin mita 1 a bakin fadama, kamar wuraren da ke kusa da madatsar ruwan Warwade. A Yuni sun shuka yanka 40, layi biyu, tazarar santimita 50. Gwangwama kan fara fure mako 10 zuwa 12 bayan shuka, don haka sun ga fure daga ƙarshen Agusta har Oktoba. Yanzu Nuwamba ta zo, suna son wurin don tumatir ko albasa.

Mako biyu kafin ranar haƙa su tsayar da ruwa, domin saiwar da aka ciro daga jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi saurin ruɓa. Ranar haƙa a sare kara a bar santimita 10. A sa shebur ko magirbi nesa da gindi da kamar kamu ɗaya da rabi, a ɗago kurmin gaba ɗayansa. Kada a ja da kara, idanun na karyewa. A karkaɗe ƙasar da hannu, ba a wankewa. In akwai launi fiye da ɗaya, tun yanzu a ɗaura wa kowane kurmi tsumma mai launinsa, domin bayan yau babu mai iya bambance ja da ɗorawa, kuma mai saye ba ya yafe wannan kuskure.

Sai shanya a inuwa, kwana biyu zuwa uku, ba a rana ba, ba kan siminti mai zafi ba. Manufar ita ce raunukan da shebur ya yi su kame. A hunturun Dutse kwana biyu kan isa. Wanda ya kai mako yana shanya ya fara kashe kayansa.

Yanzu tantancewa. Lafiyayyar saiwa tana da nauyi da tauri, cikinta fari ko ruwan madara, idanunta fari ko ja-ja. Tsohon ɓangaren da aka shuka a Yuni zai yi duhu da zare-zare, ba ido a jikinsa, a yar da shi. Duk inda yatsa ya nutse ko yake wari, a yanke har a kai ga farin nama, a shafa toka. Akwai kuma cutar da ba a ganinta a saiwa, sai a ganye: zane-zane masu launin ɗorawa da ke bin jijiyar ganyen, daga baya su koma ruwan ƙasa, tsiron ya tsumbure. Ƙwayar cuta ce ta bairos, ba ta da magani, tana bin rabon saiwa, darɓa ma na yaɗa ta. Irin wannan kurmi tun da damina ake yi masa alama, a tumɓuke a ƙone. Sai dai a kula, akwai gwangwama mai zanen ganye na halitta, nata zanen a tsare yake iri ɗaya a kowane ganye, na cuta kuwa a tsittsinke yake. Wuƙar da ake yanka da ita a riƙa tsoma ta a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, tsakanin kurmi da kurmi.

Ba a yayyanka kurmin ƙanana kafin ajiya. Babban dunƙule ya fi riƙe ruwan jikinsa, kuma kowane yanka ƙofa ce ga ruɓa. A bari sai ranar shuka.

Wurin ajiya rami ne a inuwar da ba ta gushewa, ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, ko gefen arewa na katanga, zurfin kamar kamu biyu. A zuba yashi a ƙasa, a jera saiwar ba tare da ta taɓa juna ba, a rufe da yashi, a sake jera wani layi, kada ya wuce hawa biyu ko uku. Danshin yashin shi ne sirrin aikin: in ka damƙa a hannu ka ji sanyi, ya ɗan dunƙule, ka taɓa ya warwatse, to daidai ne. In ya bar ruwa a tafinka ya yi yawa. Ga mai kaya kaɗan, tukunyar ƙasa ta fi rami. Dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana amfani a nan. Ruwan da ke tsakanin tukwanen ne ke sanyaya ciki, saiwar kuma ba ta jiƙa. Leda da aka ɗaure baki da ɗakin kwano, waɗannan biyu ka nisance su. A leda saiwar za ta yi gumi ta ruɓe, a ɗakin kwano za ta dahu.

Duk mako biyu a tone a duba. Wadda ta yamushe tana lanƙwasuwa kamar roba, ruwa take nema, a yayyafa wa yashin kaɗan. Wadda ta yi laushi ko fumfuna a cire ta da yashin da ke kewaye da ita, a bar ramin a buɗe yini guda.

Sai dai gaskiyar magana, daga Nuwamba zuwa Yuni wata bakwai ne, kuma gwangwama ba ta son kwanciya haka a zafinmu. Sanyin Disamba da Janairu zai riƙe ta. Da ɗumi ya shigo a ƙarshen Fabrairu za ka ga fararen toho suna huda yashi. In ka danne ta ka ce sai damina, za ta ƙarar da abincinta a cikin rami. Abin da ya fi shi ne ka bi ta. A ƙarshen Fabrairu a fito da kurmin, a raba, kowane yanka da ido biyu zuwa uku, tsawonsa kamar tafin hannu. A shafa toka a bar shi kwana ɗaya, sannan a dasa a ledar reno mai huji a ƙasa, cikin ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a jera ƙarƙashin rumfa. Kurmin da ya ci da kyau damina ɗaya kan ba da yanka uku zuwa biyar. In muka ɗauki huɗu, 40 ɗin nan sun zama 160. A ce 20 sun tafi ga cuta da ruɓa, saura 140. A ware 40 don mayarwa fangali, 100 kuma su zama dashe mai ganye a leda daidai lokacin da masu gidaje da ofisoshi ke neman abin shukawa a farkon damina. Dashe mai ganye ya fi busasshiyar saiwa daraja a idon mai saye, domin yana ganin abin da yake biya.

Wajen mayarwa ƙasa, zurfin santimita 8 zuwa 10, ido na kallon sama, tazara 50 zuwa 60. A ba da ruwa sau ɗaya, sannan a sassauta har toho ya fito. Saiwar da ba ta da ganye ba ta shan ruwa, zama kawai take yi a cikinsa.

Masu ɓawo

Amarilis, mai manyan furanni kamar bakin kakaki, tana son hutu na mako 8 zuwa 10 a bushe, kuma hunturu ya dace da wannan. A tsayar da ruwa a Nuwamba, ganye ya bushe, a bar ta a tukunyarta a inuwa. In an haƙe, a bar jijiyoyinta masu kauri, a shanya mako guda a inuwa, a jera hawa ɗaya a kwando ko buhun algarara inda iska ke ratsawa, kamar dai yadda kake yi wa albasar iri. In ka dawo da ruwa takan yi fure cikin mako 6 zuwa 8, wato kana iya lissafa lokacin da kake son furen ka ƙirga baya. A dasa ta kashi ɗaya cikin uku na kanta a waje. In aka binne wuyan, marka ta Agusta za ta ruɓar da ita. 'Ya'yan da ke gefenta kan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin su yi fure, don haka kada ka sayar da su da alkawarin furen bana.

Giladiyolas daban take ta fuska ɗaya: kan da ka shuka mutuwa yake yi, sabo ya fito a samansa. Bayan mako shida da fure a haƙe, a shanya mako biyu zuwa uku a inuwa, sai tsohon ya ɓalle da ɗan yatsa. In sai ka yi kokawa da shi, bai bushe ba tukuna.

Albasar kwaɗi kuwa 'yar gida ce. Ita ce mai farin fure da jan zane a tsakiya, da ke fitowa a fadamu da farkon damina bayan ta kwana rani a ƙasa ba mai ba ta ruwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba ta buƙatar a haƙe ta. Jijiyoyinta masu kauri suna rayuwa shekara da shekaru, in aka tsinke su takan yi fushi ta ƙi fure shekara ɗaya ko biyu. In kana son ƙari, tone gefe ɗaya a farkon damina ka ɓalle 'ya'yan, ka bar uwar a wurinta. Kuma gara ka yawaita taka a lambu da ka riƙa kwashe ta daji.

Lili na ainihi, wanda ake kawowa daga waje a tukunya yana ƙamshi, ban ba ka shawarar zuba kuɗi a kansa ba. Kansa ɓare-ɓare ne masu taushi ba ɓawo, yana bushewa nan da nan, kuma yawancin irinsa sai ya sami sanyi irin na firji na wajen mako shida kafin ya sake fure. Tukunyar ƙasa ba ta kai wannan sanyi, hunturunmu ma da rana ɗumi yake yi.

Guba

Gwangwama ba ta da guba, har akwai irin da ake nomawa don garinta a Kudancin Amurka da Biyetnam. Sauran ba haka suke ba. Albasar kwaɗi da amarilis suna da guba mai sa amai da gudawa, kuma in ganye ya bushe sun yi kama da albasar miya ƙwarai. Kada a ajiye su a madafa, ko a rumbu ɗaya da albasa da tafarnuwa, ko inda yara da awaki ke kaiwa. Wadda ta fi su haɗari ita ce baurera, mai hawa, mai fure ja da ɗorawa kamar harshen wuta, wadda wasu ke kira gatarin kurege saboda siffar saiwarta. A wasu ƙasashe mutane sun mutu saboda sun ɗauke ta doya ko dankali. In ƙungiyarku na renonta, a ba ta tukunya tata ita kaɗai da alama a jiki, mutum ɗaya ya riƙa kula da ita, a wanke hannu bayan taɓawa. Wanda ya ci ko kaɗan ne a kai shi asibiti nan take da ragowar saiwar a hannu, kada a jira alamu su bayyana, domin sukan ɗauki sa'o'i kafin su fito.